Ragon da Ba a Yanka Ba

Abokan aikina sun sha faɗa cewa ma'aikaci a N'Djamena ba zai taɓa gina gida da albashinsa ba, sai dai da gādo. Ina rubuta wannan ne a zauren gidana na unguwar Diguel, kuma mahaifina, Allah ya ji ƙansa, buta kaɗai ya bar mini.

Tun ina sabon akawu nake kai wani abu kowane wata wurin wani ɗan kasuwa a unguwar Gardolé, yana juyawa a sukari da shayi, muna raba riba. Al'ada ita ce a yi rabon gab da Babbar Salla. Abokaina masu irin wannan ajiya sukan karɓi tasu su sayi rago mai ƙaho kamar na talla. Ni kuwa, in na fitar da zakka, sai in mayar da ribar cikin jari, in yi layya da ɗan abin da albashi ya iya saye. Yaran unguwa har tambaya suke ko akuya ce. Ban ji haushi ba, domin gidajen masu manyan ragunan nake bi da yamma ina taya su ci.

Bara jikana, wanda ya sami aikin gyaran lantarki, ya fara irin wannan ajiya. Da Salla ta matso, ya zo yana cewa zai kwashe ribarsa ya sayi ragon da zai girgiza surukansa na unguwar Kabalaye.

Na ce, “Raguna takwas za ka yanka a rana ɗaya? Kai sarki ne?”

“Kaka, tsufa ya fara taɓa ka. Ɗaya na ce.”

“Zauna, mara kunya. A ce ribar bakwai ce cikin ɗari a shekara. In ka bar ta, baɗi ita ma za ta haifi tata ribar. Cikin shekara goma, ko kusa da haka, kuɗi ya ninka. A ashirin ya zama huɗu, a talatin takwas. In kana cinye ta duk Salla, iyakar abin da hannunka ya zuba za ka tarar.”

“In aka yi hasara fa?”

Na gaya masa gaskiya: an yi, ba sau ɗaya ba. Shekarar da aka karya darajar sefa na rame, kuma raguna ma farashinsu ba ya tsayawa jiran kowa. Amma kuɗin da na zuba ina saurayi su suka fi yin aiki, domin su suka fi daɗewa suna haihuwa.

Ya ce, “To surukaina fa?”

“Su ai sun sayi babba. Mu tafi tare, na san ƙofar.”

Ya bar ribar. Ya yi layya da wani ɗan rago mai tawali'u, muka ci na surukansa har muka yi musu addu'a.

Ina so a rubuta, domin masu cewa ba ya yiwuwa: jajibirin Babbar Sallar bara ne ranar da jikana ya fara gina gidansa, ko da yake bai sayi bulo ko ɗaya ba tukuna.