Teburin nasa ne, hoton ba nasa ba

A layinsu "Sai-an-auna" ake ce masa, domin ko ƙaramar kanta ka tambaye shi nawa, amsar da za ka samu ke nan. Shekara talatin yana aikin katako a shago ɗaya mai ƙofar ƙarfe, zarto a rataye, fensir a maƙale a kunne. Bai taɓa ɗaukar ƙusar wani ba. In ya ari guduma, da kansa yake mayarwa, a goge.

'Yarsa, malamar makaranta, ita ta buɗe wa shagon shafi a intanet. Cikin shekara tara ya tara mabiya dubu goma sha ɗaya, kuma rabin aikinsa ta can yake shigowa. Can ne ma'ajiyar hotunan duk gadon da ya yi tun daga lokacin, don wayoyinsa ba sa daɗewa, ƙurar katako na kashe su.

A nan mutumin da ba ya taɓa ƙusar wani ya gano cewa waƙa da hoto ba su da nauyi a hannu. Ya kira abin "aro". Ya ɗora waƙar wani mawaƙi a kan bidiyon tallar ƙofa, aka sauke bidiyon. Ya sa hoton kabad na wani kamfani, ya rubuta "muna yin irinsa", a ƙasa kuma ya ƙara, cikin ladabi: "Hoton na mai shi ne, Allah ya saka masa." Mai shi bai jira sakayya ba, ya kai ƙorafi.

"Baba, ambaton mai abu ba izini ba ne," in ji 'yarsa. "Aro ai sai an tambaya. Kuma waƙar da kowa ke sawa a shafinsa na gida, ba lalle an yarda a yi talla da ita ba. Suna lissafa ƙorafin nan fa. In ya yi yawa rufe shafin za su yi."

"To malama, mun ji darasi. Akwai jarrabawa?"

Akwai. Wani gidan abinci ya ba shi aikin dogon tebur, mafi kyawun abin da hannunsa ya fitar. Masu gidan suka ɗauko wata mai hoto ta ɗauka musu. Da ya ga hoton, sai da ya zauna. Ya kwafa, ya yanke sunanta da ke gefe saboda ya rufe ƙafar teburin, ya wallafa da lambar wayarsa.

Mai hoton ta fara da saƙo mai taushi. Ta ce Baba ya sauke, ko su yi magana ta ba shi izini a rubuce, da sunanta a jiki. Ya amsa da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai buga ƙusa: "Teburina ne. Ke kika fere katakon?"

Ta kai ƙorafi. Bayan kwana huɗu shafin ya ɓace.

Ya sa rigarsa ta fita ya je ɗakin hotonta. Ta ba shi kujera, wadda ya lura tana rawa, ya zauna a kai a hankali.

"'Yata, ni na yi teburin nan."

"Na sani, Baba. Ni kuma na yi hoton. Awa uku ina jan fitilu kafin katakon ya fito haka. Ko masu gidan abincin, izinin da na ba su na tallarsu ne kawai."

"Da na tambaya fa?"

"Da na ba ka kyauta. Teburin ya burge ni."

Wannan ce ta fi yi masa ciwo, ya gwammace a ce kuɗi masu yawa za ta nema.

A gabansa ta rubuta cewa ta janye ƙorafinta. 'Yarsa ta ɗaukaka ƙara. Amsa ta zo daga masu dandalin cikin kalmomi masu tsabta: an duba, hukunci yana nan. Sauran ƙorafe-ƙorafen ba wanda ya janye su, kuma kamfanin kabad ba shi da kujerar da mutum zai je ya zauna a kai ya ce "'yata".

Yanzu yana da sabon shafi, mabiya sittin da uku, yawanci dangi. Hotunan shi yake ɗauka, a karkace, babban yatsansa a gefe. Bidiyon ba waƙa, sai ƙarar zarto. Ba wanda ya taɓa kai ƙorafi a kansu, kuma ba kasafai ake kallonsu ba.

Kwanaki wata mata ta shigo neman gado, ta ce ya nuna mata ayyukansa na baya. Ya lalubo waya, ya tsaya, ya mayar da ita aljihu. Ya jawo guntun katako ya fara zana mata wani gado da ya yi shekara shida da suka wuce. Ta kalli zanen, ta ce za ta yi shawara da maigidanta.