Manyan Baki

A maɗaba'ar nan babu mai kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Jan Biro ake ce masa, shi kuwa yana amsawa da fara'a kamar sarauta aka naɗa shi. Shekara talatin da ɗaya yana aiki guda: a kawo masa shafi kafin a buga, ya duba, ya zagaye kuskure da ja. Aikin ya iya shi, wannan babu musu. Abin da bai taɓa iyawa ba shi ne ya gyara kuskure ya bar mai kuskuren da mutuncinsa. Sai ya tashi daga teburinsa da ke bakin taga, ya ɗaga takardar sama, ya karanta da ƙarfi har masu naɗe takarda a ɗakin baya su ji. A gida ma haka. Matarsa ta daina rubuta masa jerin cefane tun ranar da ya dawo mata da takardar da gyara uku, babu albasa.

Abin tinƙahonsa ɗaya ne, kuma kowa ya haddace shi: tunda ya fara aiki, kuskure bai taɓa wucewa ta hannunsa ya shiga inji ba. Saura masa wata shida ya yi ritaya, ba shi da wani buri sai ya fita da wannan suna.

A lokacin ne Manaja ya ce an gaji da ɓarnar takarda, daga yanzu a na'ura za a riƙa duba shafi. Jan Biro ya yi kwana biyu ba ya gaisawa da kowa. 'Yarsa ta fari ce ta raba gardama, ta sayo masa kwamfutar hannu mai alƙalami a gefe, ta zo da ita ofis ta zauna kusa da shi.

"Baba, ka buɗe shafin tukuna. Sai ka zaro alƙalamin, za ka ga wasu alamomi sun fito. Taɓa wannan, ta rubutu a kan allo."

Ya taɓa. Allon ya yi walƙiya sau ɗaya, sai ga shafin ya tsaya cak, da 'yan kayan rubutu a jere a gefe: alƙalami, magogi, launuka.

"Akwai ja?"

"Akwai, Baba."

Nan ya daina sauraro. Ta ci gaba da bayani, cewa walƙiyar nan hoton allon na'urar ta ɗauka, a kan hoton yake rubutu, in ya taɓa wurin adanawa zai tafi cikin sauran hotuna. Ta ce ta haɗa ma'ajiyar hotunan da kwamfutar ofis, duk abin da ya adana zai bayyana can. Shi dai yana ta gwada kaurin jan layi a gefen shafi, yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga malami sanin karatu.

Mai tsara shafukan maɗaba'ar wata mata ce da ake kira Uwar Biyu, shiru-shiru, kullum da kofin shayi da ya huce a gefen kwamfutarta. Shekara tara tana shan jan biro a bainar jama'a. Washegari da ta kunna kwamfuta sai ta tarar da hotuna bakwai sun shigo, kowanne da jan rubutunsa. Ta buɗe ainihin fayil ɗin, ta bi gyaran ɗaya bayan ɗaya ta shigar, ta mayar da sabon shafi inda yake ɗauka. Da Jan Biro ya buɗe ya ga komai ya daidaita, sai ya jingina da kujera yana murmushi.

"Kun gani? Na'ura ma ta san rubutuna. In zana mata, ta gyara da kanta. Ba musu, ba kumbure-kumbure."

Uwar Biyu ta ce, "Baba, ai ba haka take yi ba. Hoto ne kake..."

"Ke, da kike koyon riƙe fensir ina nan ina wannan aiki. Ki ji da naki."

Ta ji da nata. Ta sake gwadawa bayan mako biyu, ya ce mata hassada ce. Daga nan ta ja bakinta, don mai girman kai ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce ka raina shi. Kullum hotuna su shigo, kullum ta shigar da gyara. Akwai ma wani abu da ita kaɗai ta lura da shi. Idonsa ya fara rauni, don haka yakan buɗa shafi ya yi girma kafin ya zaro alƙalami, na'urar kuwa iya abin da ke kan allo take ɗauka. Sau da yawa layi huɗu ko biyar na ƙasan shafi ba sa cikin hoton, shi kuma in ya adana sai ya wuce shafi na gaba. Waɗannan layukan ita take dubawa ta gyara, ba ta ce wa kowa ba.

Shi kuwa kai ya ƙara girma. Ya fara yawo da na'urar a hammata har banɗaki. In baƙo ya shigo sai ya zaro alƙalamin a hankali, ya bar allon ya yi walƙiya, ya kalli fuskar mutum yana jiran mamaki. Wata rana, Uwar Biyu na zaune ba ta fi taku uku da su ba, ya ce wa Manaja, "In na tafi, ku nemi mai ido ku ba shi irin wannan. Mai tsara shafi kuma, to, ku dai kun san abin da ya fi muku." Abin ya yi mata zafi ƙwarai, amma ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da ritaya ta matso, Manaja ya shirya masa walimar bankwana, ya kuma rubuta ɗan littafin shirin taro da kansa, shafi takwas, da hoton Jan Biro a bango. Uwar Biyu ta jera shafukan da yammacin Laraba a gurguje, ta ce za ta bi su idan ta dawo, don ranar Alhamis za ta kai tagwayenta allurar rigakafi. Jan Biro ya ji daɗin wannan rashi nata. Littafinsa ne, kuma zai nuna wa kowa cewa shi da alƙalaminsa sun isa.

Ranar Alhamis da hantsi ya buɗe shafi na biyu, idonsa ya sauka a kan kanun da ke sama da manyan haruffa: MANYAN BAKI. Manaja bai sa wa harafin K ƙugiyarsa ba. A ƙarƙashi ga jerin sunaye, nasa ne na farko. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Ku zo ku ga aikin Manaja. Ya gayyato baƙi ya mayar da su baki."

Ya zaro alƙalami, allo ya yi walƙiya, ya zaɓi ja, ya lanƙwasa wa harafin ƙugiya kyakkyawa, ya zagaye kalmar, ya adana. Ya bi sauran shafukan haka. Sannan ya leƙa ɗakin inji.

"A buga ɗari uku."

Mai inji ya goge hannu da tsumma ya ce, "Baba, Uwar Biyu ba ta nan fa. An shigar da gyaran?"

"Na gyara da hannuna, na adana. Ko kai ma za ka koya mini aiki?"

Mai inji mutum ne da ba ya karanta abin da yake bugawa, tawada da daidaiton gefe kawai yake kallo. Ya buɗe fayil ɗin da ke kwamfuta ya tura. Da na farko ya fito ya miƙo wa Jan Biro ya duba, sai Jan Biro ya ture hannunsa ya ce abin da ya duba sau ɗaya ba ya komawa kansa. Aka naɗe, aka ɗinke, aka ɗaure cikin kwali. Juma'a hotunan suna jiran Uwar Biyu a kwamfuta, amma tun a bakin ƙofa Jan Biro ya tare ta ya ce an gama littafi jiya ba da ita ba, kada ta wahalar da kanta. Manaja kuma ya tura ta neman kujerun haya.

Asabar da la'asar aka jera kujeru a harabar maɗaba'a. Tsofaffin abokan aiki sun zo, da masu kawo aiki, da surukinsa, da matarsa a sahun gaba. Jan Biro ya zauna a tsakiyar babban tebur, na'ura a gabansa. Aka yanke igiyar kwali aka raba littafi. Ba a yi minti biyu ba dariya ta fara daga baya, ƙasa-ƙasa, tana tahowa sahu-sahu. Wani tsohon mai ɗinkin littafi da ya sha jan biro shekara ashirin ya miƙe tsaye, ya ɗaga littafin sama yadda ya ga ana yi masa, ya karanta da ƙarfi.

"Manyan baki. Na ɗaya..." Sai ya kalli babban tebur ya zauna.

Jan Biro ya fizgi littafi ya buɗe. Gumi ya karyo masa. Ya zaro na'urar, ya nemo shafin, ya tura wa Manaja a fuska.

"Ga shi nan, na gyara. Ga ƙugiyar da ja. Inji ne ya ci amanata."

Manaja ya duba, ya yafito Uwar Biyu da ke raba ruwa. Ta ajiye tire ta zo. Ta sa yatsa ta koma baya sau ɗaya, sai ga hotuna sun cika allo, ƙanana-ƙanana, ɗaruruwa, kowanne da jan zane.

"Baba, waɗannan duk hotuna ne. In ka zaro alƙalami ka taɓa, hoton allo take ɗauka, a kansa kake rubutu. Fayil ɗin yana nan yadda yake sai wani ya buɗe ya shigar."

"To wa yake shigarwa duk watannin nan?"

Ta karkato masa allon. Ta taɓa hoto ɗaya ta nuna masa inda shafin ya yanke a tsakiyar jimla, ta wuce wani, shi ma haka, ta wuce na uku. Ya daɗe yana kallon inda layukan suka ƙare. Shi ba jahilin aiki ba ne, ya san abin da ake nufi da shafin da ba a duba ƙasansa ba, ya kuma san bai taɓa ganin kuskure a littattafan da suka fito ba.

Uwar Biyu ta ɗauki tirenta ta koma raba ruwa. Mai gabatarwa ya gyara murya ya ce yanzu za a ji daga bakin mai gayya. Dariya ta sake ɓarkewa a kan kalmar baki. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jakarta ta lalubo wani tsohon biro, ta ɗora littafin a gwiwa, ta sa wa harafin ƙugiyarsa, ta miƙa masa ta saman tebur.

"Ga guda ɗaya, Malam. Saura ɗari biyu da casa'in da tara."