Igiyar da Na Shanya a Rana

Ranin da ya biyo bayan babbar ambaliya ne, shekarar da gulbin Rima ya haye gonaki tun daga Goronyo har Wurno, mutane sunka riƙa tsallakawa da kwalekwale inda da can ake yanke gero. Da ruwa ya janye, ya bar mana rairayi da laka a ko'ina. Rijiyar gonata ta albasa, wadda mahaifina ya sa anka gina, ta cike da taɓo har kusan rabi. Ba a iya jefa tiyon injin ban ruwa a cikinta, ga iri ya isa dashe.

Mai yasar rijiya guda ne a ƙauyenmu, dattijo, abokin mahaifina. Baba nake ce mashi. Shi ya gina wannan rijiyar da hannunsa, kuma a tsawon aikinsa ba a taɓa jin guga ya faɗo wa kowa ba. Da na same shi ya amsa zai zo, sai dai ya ce ba ya da igiya. Tasa ta rama ce, ruwan ambaliya ya same ta cikin ɗaki ta ruɓe, kuma a shekarar ba wanda ya girbi rama balle a tuƙa sabuwa. Na ce kada ya damu, ina da igiya.

Shekara biyu kafin nan na saye ta a kasuwar Goronyo. Na tuna mai rumfar ya jera mani iri uku. Akwai ta rama, wadda munka sani tun muna yara: tana riƙe ƙulli, ba ta miƙewa, amma in an aje ta da danshi sai ta ruɓe. Akwai farar nailan mai laushi da nauyi, wadda ya ce ta fi duka ƙarfi, sai dai tana miƙewa in an rataya mata kaya, kuma da tsada. Sannan ga shuɗiyar igiyar roba, mara nauyi, mai sheƙi. Ya yanki guntu ya jefa a bokitin ruwa, ya yi yawo a sama, na nailan kuwa ya nutse. Ya ce wagga ba ta shan ruwa, ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta. Ita na ɗauka.

Na kula da ita yadda mahaifina ya koya mani kula da igiya. A gidanmu ba a kwana da igiya jiƙaƙƙiya. Duk ranar da na ja ruwa da ita, ko na ɗaure buhunan albasa bisa amalanke, sai na warware ta na shimfiɗa bisa kwanon rufin ɗaki. Sau da yawa takan kwana can, ta wuni, ta yi mako, musamman in babu aiki. Har nakan yi wa maƙwabta faɗa in na ga tasu a yashe gindin randa. Shuɗinta ya koɗe ya koma fari-fari, na ɗauka tsabta ce.

Ranar aikin, bayan sallar asuba, Baba ya karɓi igiyar ya ja ta cikin tafinsa kamar tsawon gaba biyu. Ya buɗe hannun, sai ga wani gari-gari kamar dussa, da 'yan ƙananan zaruruwa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, mi ac ci wagga igiya?"

Na ce babu abin da ya ci ta, ƙura ce ta rufi. Na gaya mashi shekarunta biyu kawai, ba ta taɓa kwana da danshi ba, kuma mai sayarwa ya tabbatar mani ba ta ruɓewa. Ya ce shi bai san halin roba ba. Rama in za ta mutu tana yin ƙara, sili guda ya tsinke a gani, a sauke kaya. Ya tambaye ni ko babu mai farar nailan a kusa, ko da yake ba ya son yadda guga ke rawa a kanta. Akwai wani mai mota a bakin hanya da ke da ita, amma zuwa wurinsa zai ci mani wuni, ni kuwa ina ganin iri na bushewa. Na ce, "Baba, na ɗauki alhakinta. Ka yarda da maganata."

A lokacin maganata tana da nauyi a ƙauyen. Ni ke rubuta wa mutane yarjejeniyar gona da ajami, ni ake kira shaida. Ya yarda.

Ya ɗaura igiyar ga mariƙin bokitin ƙarfe, ya yi ƙulli, ya sake maimaitawa, ya cusa jelar a cikin murɗin igiyar, don ya ce roba santsi gare ta. Bai yarda ya ɗora jikinsa a kanta ba, ya sauka ta ramukan ƙafa da ya sassaƙa a bango tun zamanin ginin. Shi yana cika bokiti da laka, ni ina ja ta bisa gungumen da munka gitta a baki. Mun fitar da bokiti ashirin da wani abu. Da hantsi, bokiti ya kusa baki, ina shirin miƙa hannu, sai na ji igiyar ta koma sakayau a hannuna, na faɗi da baya. Ba ta yi ƙara ba. Ƙarar da na ji daga ƙasa ta fito.

Na sauka na iske shi kwance a jikin bango, bai san inda yake ba, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da wurinta. Bokitin yana gefe. Ƙullinsa na nan daram a mariƙi, igiyar ta tsinke dab da samansa, bakin ya watse kamar tsintsiya. Ban san abin da ya shige ni ba, ko kuma na sani: tsoron a ce malam ya yi rantsuwa da igiya ta kashe mutum. Kafin in yi kururuwa na fitar da wuƙa na yanke ƙullin, na sa a aljihu. Da maraice, bayan an kai shi wurin mai ɗori, na datse watsattsen bakin igiyar, na ƙona shi da ashana ya koma kamar na asali, guntayen na jefa a murhu.

Da mai unguwa ya tara mu a zaurensa ya tambayi yadda anka yi, na ce na iske mariƙin babu komai, ga igiya lafiya lau. Ban ce ƙullin Baba ya kwance ba, sauran mutane sunka faɗa a madadina, don kowa ya san ƙullin roba na zamewa. Aka gaya wa Baba a kwance. Ya aiko cewa shi ya san ƙullin da ya yi. Mutane sunka ce tsufa ne, hannu ya fara rawa, Allah ya sa kaffara.

Kafaɗar ta haɗe a karkace, hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Bai ƙara shiga rijiya ba. Na kai mashi gero da albasa sau da yawa, yana karɓa yana godiya, ba ya kallon fuskata. Babban ɗansa, magidanci mai iyali, wanda ya koyi aikin a wurinsa, shi abin ya fi ci. Duk inda ya je neman yasa sai a yi mashi ba'a, a ce ya zo da ƙullin gidansu ko ya aro na wani. Ba'ar ta bi shi har Tursa da Giyawa. Daga baya ya bar sana'ar ya koma lodin buhu a kasuwa.

Ni kuwa na sama wa kaina abin jingina. Nakan ce a raina ƙaddara ce ta tsinke igiyar, tunda ba wanda ya fi ni kula da ita. Da wannan na yi shekara shida ina limancin sallar magariba in liman ba ya nan.

Wata ranar kasuwa a Goronyo na tsaya kusa da wani masunci daga bakin madatsar ruwa yana zaɓen igiya. Mai rumfa ya miƙo mashi ta gaban rumfa, wadda ke rataye a waje, ya mayar, ya ce a ba shi ta ciki. Na tambayi masuncin dalili. Ya lanƙwasa ta wajen a gabana, sai ga zaruruwa na tsagewa, gari na zuba. Ya ce rana ce ke cin igiyar roba, ruwa bai yi mata komai. Su masunta in sun gama aiki, cikin buhu suke sa ta su kai inuwa. Nailan ya fi ta jure rana, ko da yake shi ma ba a barin shi a rana. Duk wadda ta koɗe tana gari, ya ce, ko akuya ba ya ɗaurewa da ita.

Na zauna bisa wani benci har aka kira azahar. Garin da Baba ya gani a tafinsa ke nan, wanda na kira ƙura. Kowace rana da na hau rufi ina ganin kirki nake yi, kashe ta nake. Ƙaddarar da na jingina da ita, ni na shimfiɗa ta bisa kwano.

Duk da haka sai da na ƙara wata biyu kafin ƙafata ta kai ni gidan Baba da wannan magana. Na iske shi a zaure yana gyara tsintsiya da hannun hagu. Na gaya mashi duka, har da wuƙar da ashanar. Da na gama na ce ya faɗi abin da zan ba shi, ko rabin gonar ne. Ya ce gona ba ta yi mashi ƙarya ba. A gaban mutane anka faɗa, a gaban mutane za a kwance.

Ranar Juma'a bayan sallama na miƙe. Mai unguwar da ya yi tambayar ya rasu, haka da yawa daga dattawan da sunka zauna a zauren. Mafi yawan waɗanda ke cikin sahu samari ne da ba su san Baba ya taɓa gina rijiya ba, wasu har sun fara neman takalmansu. Ɗan Baba ma ba ya nan, yana can kasuwa. Na faɗa duk da haka. Liman ya sunkuyar da kai. Daga ranar ba a ƙara kirana shaida ba, kuma ban ga laifin kowa ba.

Baba yana zaune a jikin ginshiƙi. Bai tashi ba, daga nan ya yi magana.

"Malam, ƙullin, ƙaƙa kay iske shi?"

"Daram, Baba. Bai motsa ba. Sai da wuƙa."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Na ɗaga murya na maimaita. Ya gyaɗa kai, ya dafa ginshiƙin da hagu ya miƙe.

"To, ba ni bin ka komi. Geron ma ka daina kawowa."