Rubutun da Ya Kaka Ta Ƙi Maimaitawa

Ya Kaka ta gaji haɗa turaren wuta daga mahaifiyarta, mutuniyar Borno da ta tsufa a Ƙofar Mazugal. Shagon ƙarami ne, yawancin ciniki ta Instagram yake zuwa. Duk Juma'a takan zauna da ƙanwarta Aminat su duba alƙaluman shafin, su zaɓi rubutun da za su sake sawa ƙarƙashin hoto.

Da tsohuwar ta rasu, Ya Kaka ta sa hoton kasko, ta rubuta cewa wannan ne haɗin ƙarshe da Inna ta yi da hannunta. Ba su taɓa yin rubutun da ya kai ga jama'a haka ba, amsoshi sai zuba suke.

Bayan sadakar arba'in Aminat ta ce, "Ya Kaka, irin rubutun rasuwar Inna za mu riƙa yi."

Ya Kaka ta bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Duk "Allah ya jiƙanta" ne, don ba Musulmin da zai ga rasuwa ya wuce. Ƙalilan ne suka danna suka shigo WhatsApp don sayen turare. Sai ta buɗe wani tsohon rubutu kan yadda ake turara kaya ƙamshi ya kama. Bai yaɗu sosai ba, amma mata da yawa sun adana shi, kuma ta nan masu saye suka fi shigowa.

Ta ce, "Wannan za mu maimaita. Wancan ta'aziyya aka yi mana, kuma mun karɓa. Ba zan sake zaman makokin Inna don turare ya ƙare ba."