Tururuwa da irin Yayata

Wautata ita ce na shekara goma ina ba tururuwa aikin da ba ta nema ba. Ni da ko wasiƙa sai an karanta mini, na zama mai karanta ruwan sama. In na ga tururuwa tana kwasar ƙwanta zuwa tudu, sai in ce ruwa cikin kwana uku, a fita binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa.

In ruwan ya zo, har kasuwar Tanut sai an ji bakina. In ya kai kwana bakwai, in ce ai ya zo. In bai zo ba sam, sai in tare matafiya ina tambaya har in sami wanda ya ga yayyafi wajen Gangara, in ce to ga shi, ruwan ɓatan hanya ya yi. Ta ina zan faɗi? Goro kuwa ina ci.

Wata shekara cikin shekarun fari na ga tururuwa, na binne gerona duka. Kwana biyu sama fes. Maimakon in yi shiru, sai na nufi gidan Yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa huɗu da tiya uku ta iri a tulu. Na ce ita ma ta binne nata, ruwa na tafe.

Ta ce, "Auta, ka tabbata? Ba ni da wani bayan wannan."

Na lissafa mata shekarun da na dace. Waɗanda ban dace ba, wallahi ko a raina ba su zo ba. A hanyar gonarta iska mai zafi tana dukan fuskata, na ce alamar hadari ce.

Yayyafi aka yi, wanda ya isa iri ya tsiro, bai isa ya rayu ba. Da ruwan kirki ya sauka, masu iri suka sake shuka. Ni na sayar da akuya na sayi wani. Ita ba ta da akuya. Na ɗiba mata a nawa, bai rufe rabin gonar ba. Da lokacin kaka ya yi, Yaya ta kwashi ƴaƴanta ta yi kudu, aikatau.

Tun daga nan na sake hali. In zan yi hasashen ruwa, sai in faɗi rana da gona tun kafin lokaci, a gaban maƙwabcina da bai taɓa yarda da ni ba. In na dace, ya jefa tsakuwa a tukunya ɗaya, in na kuskure, a ɗayar. Ta kuskure ta riga cika. In kuma na ji ina son magana ta zama gaskiya ƙwarai, nan nake ƙara tsoronta.

Bayan shekara biyu Yaya ta dawo. Ba ta yi mini faɗa ba. Tana zuba mini fura ta ce, "Auta, ranar nan, da ba ka riga ka binne naka ba, da haka za ka ce mini?"