Umaru Mai Kwaɗo da Wayar Alhaji

Duk ɗalibin da ya taɓa kama haya a bayan kasuwar Samaru ya san Malam Umaru Mai Kwaɗo, kuma ba don alheri ba. Haifaffen Zabi ne. Ya taɓa facin taya, ya taɓa tireda, sai da Allah Ya haɗa shi da kula da gidan hayar ɗalibai sannan ya gane abin da aka halicce shi dominsa, wato kulle abu. Ƙofar gida kwaɗo biyu, rijiya ɗaya, famfo ɗaya. Har igiyar shanya da zai samu inda zai rataya mata da ya rataya. Kafin ka gan shi ka ji ƙarar makullai a ƙugunsa.

Mai gidan, Alhaji Muhammad Auwal, a Kaduna yake zaune. Shi ya saya masa waya 'yar shafa don ya riƙa kiransa ta bidiyo duk Juma'a yana ganin gidansa. Ranar da ya ba shi ya ja masa kunne: wanda ya riƙe gidan kafin shi sayar da tasa ya yi, ya ce ta lalace. "In na sake jin wannan tatsuniyar, a bakin aikinka da ɗakin da na ba ka."

Wata ɗaliba 'yar ɗaki na huɗu, Nwamaka, haifaffiyar Sabon Gari mai Hausa rangaɗau, ita ta saita masa wayar. Ta ce a buɗe masa imel na Google, ya faɗi sunansa da ranar haihuwarsa. Umaru ya zabura.

"Ranar haihuwata? Su yi me da ita? Ke sa naki, tunda ku ba ku san sirri ba."

Ta sa nata imel ɗin, ta koya masa zanen nan da ake ja da yatsa a kan ɗige-ɗige don kulle waya. Wayyo, an nuna wa kura hanyar mayanka! Yaro ya leƙa, ya canja zane. Matarsa Aishatu ta wuce ta bayansa da tsintsiya, ya canja zane.

Nwamaka kuwa ba ta shekara ba ya saka mata. Ya kama ta da hita tana dafa ruwa, ya garƙame ɗakinta, ya ce wa Alhaji ita ta tashi don kanta. Ta zo ɗaukar jakarta ta ƙarshe ya hana, don wai ta gaishe shi a tsaye. Da jakar ta ishe shi, ya miƙa wa 'yan bola jari.

Bayan fiye da shekara, ya ƙirƙiro wani zane mai saƙa da warwara wanda ya rantse ko aljani ba zai gane ba. Ya yi gaskiya. Washegari shi ma bai gane ba. Ya ja, ya goge, ya ja, wayar tana ce masa ya dakata, kowace dakatawa ta fi ta baya tsawo. Ga Juma'a na ƙaratowa.

Ya hau Keke Napep sai Sabon Gari, shagon Uzodinma mai gyaran waya.

"Baba, ba a buɗe wannan sai an wanke ta tas," in ji Uzodinma. "Hotuna, saƙonni, duk abin da ke cikinta zai tafi. Kuma in ta tashi za ta nemi imel ɗin da ke kanta a da. Ka san shi?"

Umaru bai taɓa ce wa ɗan Adam "ban sani ba" ba, kuma ba a kan mai gyaran waya zai fara ba. "Na san shi kamar yunwar cikina. Wanke."

Uzodinma ya kashe ta, ya danne maɓallin kunnawa da na ƙara sauti, ya wanke ta. Ta tashi fes, ta nemi intanet, aka ba ta. Sai ta kafe: a ja tsohon zane, ko a sa imel ɗin da aka yi amfani da shi a kanta da kalmar sirrinsa.

"To buɗe mata sabo mana!"

"Ba ta karɓar sabo, Baba. Don ɓarayi aka yi haka, kada su saci waya su wanke su sayar."

"Ni na yi maka kama da ɓarawo?"

"Ita ba ta ganin kama. Ni kuma ba na bin ɓarauniyar hanya ba tare da rasit ba, na taɓa kwana ofishin 'yan sanda a kan irin wannan. Kawo rasit a kai ta ofishin kamfaninta, ko ka kawo mai imel."

Rasit yana Kaduna a hannun Alhaji. Mai imel kuwa... Nwamaka ce, wadda ya kora.

Da tambaya ya gano ta a Unguwar Gabas, a shagon atamfa na gwaggonta. Mutumin da ya hana ta jakarta saboda gaisuwar tsaye, sai ga shi ya rusuna yana "'Yata, 'yar albarka, ina gajiya?" Abin haushi, yarinyar ba ta rama ba. Da ta zage shi da ya samu abin faɗa a majalisa. Kujera ta ba shi, ta karɓi wayar, ta rubuta tsohon imel ɗinta. Kalmar sirrin ce ta ƙi zuwa, don ta daɗe da komawa wani imel. Ta danna wajen mantuwa, Google ya ce zai tura lamba zuwa tsohon layinta.

"Alhamdu lillahi! Ina layin?"

"Yana cikin ƙaramar wayata, Baba. A jakar nan da ka ce ba zan ɗauka ba. In tana nan, ka kawo mu gwada."

Umaru ya dubi atamfofi ɗaya bayan ɗaya kamar mai niyyar saye. Ta kira lambar don a gani. Layin da ya daɗe a kashe kamfani ya riga ya sayar wa wani. Wani ƙato ya ɗauka, ya ji ana roƙonsa ya karanto lambar da za a turo masa, ya ce musu 'yan damfara, ya kashe.

Ranar Juma'a Umaru ya ari wayar wani ɗalibi, ɗaya daga cikin waɗanda yake hana ruwa, ya kira Alhaji. Ya fara da addu'a, ya bi da tarihin sharrin Turawa.

"Ina wayata?"

"Ga ta, ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau, buɗewa ce kawai ba ta yi. Imel take nema."

"Sa mata."

"Na wata yarinya ne, Nwamaka."

"Wadda ka ce min ta tashi don kanta?"

Mai wayar, da ke tsaye yana jiran abarsa, ya sako kai cikin bidiyon ya gaida Alhaji da ladabi, sannan ya kwashe labarin hita da jaka da 'yan bola jari ya faɗa, bai rage ko ɗigo ba. Sauran ɗalibai suka fito suna cika masa inda ya manta.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Ya ce rasit yana wajensa, wayar za ta buɗu, amma ba a hannun Umaru ba. Ya ce Umaru ya ajiye ta tare da makullai, ya kwashe kayansa kafin ƙarshen wata.

Umaru ya tsaya a tsakar gida yana kwance makullai daga ƙugunsa. Ba wanda ya yi masa dariya, ba wanda ya ce masa sannu. Suna can sun yi layi da bokitai a bakin rijiya, suna jira ya gama.