Layi Ɗaya a Takardar Gwaggo

Na daɗe ina shakkar ko mutum zai iya yaba aikinsa a rubuce bai yi ƙarya ba, bai kuma taka wani ba. A can inda na yi karatu an koya mana cewa abu ne mai sauƙi: ka faɗi abin da aka sa ka, ka faɗi abin da ka yi da abin da ya haifar, ka bar kirari. Na dawo gida da wannan darasi, ban san a kan ƙanwar mahaifina zan fara gwada shi ba.

Gwaggo ta tsufa a ɗakin kati na wani asibiti. Ɗaki ne dogo a ƙarƙashin matakala, kantoci har rufi, sai ƙaramar taga da marasa lafiya ke miƙo lambarsu. Su biyu ne a ciki tun suna 'yan mata, ita da ƙawarta da kowa ke kira Mai Tabarau. A kofi ɗaya suke shan shayi. Mijin Gwaggo, Baba, ya daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma asibitin ne ke duba shi saboda matarsa ma'aikaciya ce. Duk ranar da ta bar aiki, wannan gata ya tafi.

A shekarar da na dawo aka gama mayar da katuna cikin kwamfuta, aka kuma sanar cewa mutum ɗaya ya ishi ɗakin. Kimanta aiki na ƙarshen shekara ne zai raba gardama. Kowace za ta cika takarda: ayyukan da aka ɗora mata, abin da ta cimma, inda ta gaza, sai ta ba kanta maki daga ɗaya zuwa biyar. Shugaban sashe ya ba da nasa makin, a zauna da shi a tattauna, a sa hannu.

Wata Asabar ta kira ni. Na same ta a tsakar gida tana shanya zannuwan gadon Baba.

"Baturiya, zo ki duba min wannan. Ai ba a banza aka tura ki ba."

Na karanta. Ƙarƙashin nasarori ta rubuta: Na yi iya ƙoƙarina, ban taɓa makara ba. Ta ba kanta uku.

"Gwaggo, wannan ai ko mai gadi zai iya rubuta shi."

"To mai gadin ba mutum ba ne?"

Na ɗauki biro na zuba mata irin wanda na saba gani: ita ce ginshiƙin sashen, ta kawo gagarumin sauyi. Da na karanta mata sai ta saki zanen da ke hannunta.

"Ginshiƙi! Ni? Ke 'yar nan, so kike a yi ta nuna ni a layin cin abinci? Goge."

Gaskiyarta. Na ajiye biron na koma tambaya. Me ya canza a ɗakin bana? A hankali abin ya fito. Da, mara lafiya kan yi kusan awa a taga ana neman katinsa. Ita ta manna wa kowane rukunin lambobi tef mai launi daban, yanzu kafin ya gama gaisuwa an miƙo. Ƙorafin ɓatan kati ya ragu, kuma yana nan rubuce a rajistar sashen. Muka rubuta haka kawai, ba kalmar yabo ko ɗaya, muka ƙara da cewa shugaban sashe ne ya amince aka sayo tef ɗin. Wajen gazawa ta yarda cewa ba ta da sauri a kwamfuta, tana son a tura ta horo. Ta saurara ta ce, "Wannan kam ni ce." Da ƙyar ta yarda ta ba kanta huɗu.

Sai na tambaye ta batun tsofaffin katunan da aka shigar a kwamfuta.

"Wannan aikin Mai Tabarau ne."

"Ita ta yi?"

Gwaggo ta waiwaya ƙofar ɗakin Baba, ta rage murya. Idon ƙawarta ya daɗe da mutuwa a tsaye. Ba ta ganin ƙananan lambobi. Tef mai launin ma don ita aka ƙirƙiro shi, don ta riƙa gane kantar da kati yake ba sai ta karanta ba. Da aka ɗora wa Mai Tabarau shigar da katuna, ita takan zauna gaban kwamfuta idan shugaba zai wuce, da ya wuce su yi musayar kujera. Duk abin da aka shigar, yatsun Gwaggo ne.

Na ce mata ba dole ba ne mu saka. Amma na faɗa mata abin da na sani: shigar da katunan shi ne babban aikin sashen a bana, kuma wadda aka ga sunanta a kai ita za a riƙe.

Daga ɗaki Baba ya buga ƙarfen gado da cokali, yadda yake kiranta. Ta shiga ta juya shi, na ji tana ce masa, "Sannu, ango, yanzu zan kawo." Da ta fito ta zauna ta ce, "Rubuta. Amma kada ki sa sunanta."

Muka yi ta juya layin. Na farko ya yi kama da ƙara. Na biyu ya yi sanyi har ba a gane wa ya yi aikin. A ƙarshe muka tsaya a kan: Bayan aikina na taga, ni na shigar da tsofaffin katunan sashen cikin kwamfuta, an kuma gama kafin wa'adi. Babu fahariya a ciki, kuma duk wanda ya san ɗakin zai gane abin da ake nufi.

Ranar tattaunawa shugaban ya ajiye takardu biyu a gabansa. Ta Mai Tabarau ma ta ce an gama shigar da katuna, tunda aikinta ne.

"Hajiya, ku biyu kun rubuta abu ɗaya. Wa ya yi?"

Gwaggo ta ce min ta tsaya tana kallon agogon bango. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da na rubuta shi ne."

Bai ƙara tambaya ba. Washegari ya kira Mai Tabarau ya miƙa mata kati ya ce ta karanta masa lambar. Kafin wata ya ƙare aka sallame ta saboda rashin lafiya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta kwashe dardumarta da silifas, ta bar kofin a kan kantar katuna. A bakin ƙofa ta ce wa Gwaggo, "Ƙawa, wa ya rubuta miki takardar? Ta yi kyau." Har yau idan sun haɗu suna gaisawa, tana tambayar jikin Baba, sai dai a tsaye.

Kwanaki na raka Baba ganin likita, na leƙa ɗakin kati. Kujera ɗaya ce yanzu. Tef ɗin ya fara ɓarewa a gefe, ba a sabunta shi ba, don ita Gwaggo tana ganin lambobi sarai. Na jira layi ya ragu, na ce, "Gwaggo, da yau ne, za ki goge layin nan?"

Ta miƙa wa wata mata katinta ta taga, ba ta kalle ni ba.

"Ba zan goge ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da akwai, ai da na samu abin da zan je gidanta in ba ta haƙuri a kai."